Zoɓo Ya Zuba a Farar Riga: Yadda Ake Ceto Ta Kafin Tabo Ya Zauna

Duk inda Bahaushe ya kai kasuwancinsa, zoɓo ya riga shi isa. A zangunan Kumasi da Akara sobolo ake ce masa, a Kwatano da Lome da Abijan bisaf, a Kamaru folere, a Chadi karkanji, a Sudan karkade. Suna ya bambanta, amma ja ɗaya ne, kuma ɓarnar da yake wa farar shadda ɗaya ce. Ga shi mu mutane ne masu son fari da ruwan madara da ruwan ƙwai, musamman ranar Juma'a da ranar suna da ranar ɗaurin aure, wato daidai ranakun da ake yawo da kofunan zoɓo a tsakanin jama'a.

Wanda ke zaune a garin da ba nasa ba yana da ƙarin abin lura. Abokin ciniki zai gayyace ka bikin 'yarsa a Duwala ko Lome, ka je don zumunci, wani ya gifta da kofin jar giyar inabi, ya fantsama maka a hannun riga. Ko kuma jan ruwan inabin nan marar giya da ake rabawa a wajen walima, yaro ya kifar da shi a kan mayafin uwarsa. Duk waɗannan tabo 'yan gida ɗaya ne, maganinsu ma ɗaya.

Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, yawancin rigunan da zoɓo ya kashe ba zoɓon ne ya kashe su ba. Abin da aka yi musu bayan zubar ne: an goga sabulu, an cuɗa, an shanya, an sa dutsen guga. Idan aka bi matakan da tsarinsu, sau da yawa rigar tana dawowa kamar ba a yi ba.

Me ya sa sabulu ke mayar da tabon shuɗi

Jan da ke cikin zoɓo wani launi ne na tsiro da masana ke kira antosayanin. Shi ne kuma ke cikin ɓawon jan inabi. Halinsa shi ne yana sauya kala gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Idan yana cikin tsami, ja ne jawur. Idan ya haɗu da abu mai kaifin kanwa, sai ya koma shuɗi-shuɗi, ko ruwan toka, ko kore-kore.

Duk uwargidan da ta taɓa jefa 'yar kanwa a tukunyar zoɓo don ta kashe tsami ta ga wannan da idonta: nan take jan ke yin duhu. To sabulun wanki na sanda da sabulun salo da garin omo duk suna ɓangaren kanwa ne. Shi ya sa da an goga sabulu a kan ɗanyen tabon zoɓo sai a ga ya rikiɗe ya zama shuɗi, hankali ya tashi, a ƙara cuɗawa.

Shuɗin nan a farkonsa ba mutuwa ba ne. Idan aka ɗauraye sabulun nan da nan aka ɗiga lemun tsami, za a ga ya dawo ruwan hoda. Matsalar tana zuwa ne idan aka bar shi ya daɗe cikin sabulun ko ya bushe da shi. A nan launin ke lalacewa ya koma wani ƙasa-ƙasa mai kama da tabon shayi, wanda tsami ba ya iya dawo da shi, kuma shi ne mai wuyar fita.

Akwai abu biyu kuma da ke tafe tare da launin. Na farko sukari. Ba a ganinsa idan ya bushe, amma da zafin guga ya taɓa shi sai ya ƙone ya bar rawaya, kamar yadda sukari ke yin ja a kasko. Na biyu wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Jar giya ta fi zoɓo yawansa. Shi tanin idan ya gamu da tsatsar ƙarfe baƙi yake yi, kuma da wannan dabarar ce dukawa ke baƙanta fata. Don haka ba a jiƙa rigar da ta yi irin wannan tabo a bokitin ƙarfe mai tsatsa, ba a kuma wanke ta da ruwan rijiya ko na burtsatse irin wanda ke barin ja a gindin bokiti.

Auduga kuwa mai ƙishi ce. Zarenta na shan ruwa har ciki, shi ya sa take da daɗin sawa a zafi, shi ya sa kuma marina ke son ta. Muddin tabon yana da danshi, launin yana yawo ne cikin ruwa, ana iya kore shi. Da ya bushe ya kama zare. Da aka goge shi da wuta ya zauna.

Mintuna biyar na farko, a wajen taron

A ce yanzu abin ya faru, kana tsakiyar mutane, ba damar tuɓe riga. Kada ka goge. Wannan shi ne kuskuren da hannu ke yi tun kafin kai ya yi tunani. Gogewa tana faɗaɗa tabon, tana tura launin cikin zare, a shadda kuma tana kashe sheƙin wurin.

Ka nemi farin hankici ko farar takardar goge hannu, ka sa ɗaya ta cikin rigar a ƙarƙashin tabon, ɗaya ta sama, ka danna, ka ɗaga, ka sauya wuri mai tsabta, ka sake dannawa. Ka fara daga bakin tabon ka nufi tsakiya. Hankicin ya zama fari, domin mai launi yana iya zubar da nasa rinin a kan jiƙaƙƙen wuri, ka tashi da tabo biyu.

Daga nan sai ruwa. Ledar fiya wata ɗaya, wadda rabin lita ce, ta isa wannan aikin. Ka huda ƙaramin baki, ka juya wurin ta bai, ka matsa ruwan ya bi ta bayan yadin ya fita ta gaba. Dalili shi ne launin ta gaba ya shiga, ta nan ya kamata ya fita. Idan ka zuba ta gaba, kana tura shi ne ya ratsa sauran zaren.

Za ka ji wani a wurin yana cewa, «A zuba gishiri, a zuba gishiri!» Gishiri yana tsotse ruwan da ke kwance a sama, gaskiya ne, kuma idan babu hankici ya fi babu. Amma ba ya cire launin da ya riga ya shiga zare, kuma masu rini da kansu gishiri suke sawa don rini ya kama auduga. Idan an zuba, a kakkaɓe shi bayan minti biyu ko uku a bi da ruwa, kada a bar shi ya bushe a kai.

Idan gida da nisa, a bar wurin da danshi. Rigar da aka tuɓe, a naɗe wurin tabon da jiƙaƙƙen farin ƙyalle a sa a leda. Amma na 'yan awoyi ne kawai. A garuruwan bakin teku irin su Duwala da Kwatano, jiƙaƙƙiyar riga da ta kwana biyu a leda za ta fito da ɗigon baƙin fumfuna, wanda ya fi zoɓon wuyar fita.

Kafin a sa wani magani: a san yadin

Kasuwa ta cika da yadin da ake kira auduga alhali an gauraya shi da roba. Ɗan kasuwar yadi ya san gwajin, amma ga shi don na gida. A zaro 'yan zare daga cikin kalmasa, a kusanta su da ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, tana warin takarda, tokarta laushi gare ta. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Yadin da ke da roba bai cika riƙe zoɓo ba, amma bai kamata a yi masa gangancin bilic ba.

Sai a duba aikin wuya. Sau da yawa rigar auduga ce amma zaren surfanin siliki ne ko roba, kuma shi ne ke fara zuba ko sauya kala. Duk maganin da za a sa, a fara ɗiga shi a ɓoyayyen wuri, cikin kalmasar ƙasa ko bayan aljihu da bayan surfanin, a jira minti biyar, a danna farin ƙyalle. Idan launi ya hau ƙyallen, ko wurin ya yi haske fiye da kewayensa, wannan maganin ba na wannan rigar ba ne. Wannan gwajin ya fi zama dole ga ruwan madara da ruwan ƙwai da sararin samaniya, domin su rinannu ne ko da ido na ganinsu kamar fari.

Misali: farar shadda, zoɓo a ƙirji

Mu ɗauki kaftanin farar shadda ta auduga, mai farin aiki a wuya. An zuba mata zoɓo a ƙirji wajen walimar azahar, tabo kamar faɗin tafin hannu. An danna da hankici, an zuba fiya wata, an iso gida bayan la'asar. Tabon ya koma ruwan hoda, bakinsa ya fara bushewa.

Mataki na farko ruwan sanyi ne. A juya rigar, a riƙe wurin a ƙarƙashin famfo ko a riƙa zuba ruwa da buta ta baya, kamar minti uku zuwa biyar, har ruwan da ke fita ya daina yin ja. A nan shadda tana da wata sa'a: idan an yi mata sitaci a wankin baya, wani kaso na launin a kan sitacin ya zauna, zai kuma tafi tare da shi.

Mataki na biyu jiƙo cikin tsami. A samu roba mai tsabta, a zuba ruwa lita ɗaya, wato fiya wata biyu. A sa babban cokali ɗaya na farin khal, wanda wasu ke kira binega, da rabin ƙaramin cokali na sabulun ruwa na wanke kwanuka. Idan babu khal, a matse lemun tsami biyu a tace. An zaɓi sabulun kwanuka ne domin ba shi da kaifin kanwa irin na sabulun sanda, don haka yana sassauta tabon ba tare da ya rikiɗa shi ba. A nutsar da wurin na minti 15 zuwa 20, ana ɗan matsa shi da yatsu lokaci-lokaci, ba cuɗa ba.

Kada a tsorata idan tabon ya ƙara yin ja da shigarsa ruwan tsamin. Alama ce mai kyau, tana nuna launin bai lalace ba, yana nan a siffar da ruwa ke iya ɗauka. A ɗauraye sosai, a ɗaga rigar a hasken rana a duba. Ba a duba tabo a hasken ƙwan ɗaki, yana ɓoye saura. Idan ya ragu amma bai tafi ba, a sake sabon haɗi a maimaita. Sau biyu ko uku ba laifi.

A yawancin lokuta abin da zai rage a nan wata inuwa ce mai hasken hoda ko toka-toka. Ita ce aikin mataki na uku, wato haidirojin, ruwan nan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Ana samunsa a kemis. A ƙasashen da ake Faransanci sunansa o oksijene. A duba kwalbar: wanda ake so shi ne mai kashi 3 cikin 100, wanda a wasu kwalaben ake rubuta masa lamba 10. Idan mai kashi 6 ne, wato lamba 20, a haɗa shi da ruwa daidai wa daida. Wanda masu gyaran gashi ke amfani da shi, mai lamba 30 ko 40, ya yi ƙarfi, yana cin zare yana ƙona fata, a bar shi.

Bayan an yi gwajin ɓoyayyen wuri, a shimfiɗa rigar, a sa farin tawul a ƙarƙashin tabon don kada ya ratsa zuwa baya. A haɗa cokali biyu na haidirojin da cokali ɗaya na sabulun kwanuka, a shafa a kan inuwar har ta jiƙe. A bar shi minti 20 zuwa 30, kada ya bushe. Idan ya fara bushewa a ƙara ɗigawa. Shi ba kore launin yake yi ba, kashe shi yake yi, don haka za a ga inuwar tana dusashewa a hankali. A ɗauraye, a duba a rana.

Idan an sa haidirojin ba a ga komai ya motsa ba, a tuhumi kwalbar kafin a tuhumi rigar. Yana mutuwa idan ya daɗe a buɗe ko a wuri mai zafi, ya koma kamar ruwa. A yanka ɗanyen dankalin turawa a ɗiga masa: mai rai zai yi kumfa, mataccen ba zai yi ba.

Mataki na huɗu wanki gaba ɗaya. Yanzu ne sabulu da omo suka halatta. A wanke rigar duka, tare da wandonta, ko da shi bai taɓa zoɓon ba. Idan aka wanke ƙirjin kaɗai, shadda za ta bushe da zobe a kewayen wurin, kuma sheƙinsa zai bambanta da na sauran jiki. Idan aka wanke riga aka bar wando, farinsu zai saɓa. Wannan wankin ne kuma ke fitar da ragowar sukari, wanda ido ba ya gani.

A shanya a rana. Ga farar auduga rana abokiyar aiki ce, domin wannan launin ba ya jure haske. Sai ta bushe sarai, an duba a waje an ga babu ko inuwa, sannan a yi maganar bula da sitaci da guga ko kai wa masu bugu. Idan akwai saura, a koma mataki na uku. Bula ba ta rufe tabon zoɓo, ƙara masa duhu take yi, sitaci kuma rufe shi yake yi a ciki.

Idan tabon bai sauya kala ba

Ga wata alama mai amfani. Zoɓon sayarwa ba kullum zoɓo zalla ba ne. Wasu masu yi suna ƙara garin kala ko garin lemo na leda don ya yi ja ya yi ƙamshi. Wannan kalar ta masana'anta ce, ba ta damu da tsami ko kanwa ba. Idan aka ɗiga ruwan sabulu a gefen tabo aka ga ya tsaya ja jawur bai yi shuɗi ba, to akwai kala a ciki, kuma khal da lemun tsami ba za su yi wani abin kirki ba.

A nan sai a tsallaka zuwa garin cire tabo mai oksijin, wanda ake sayarwa a manyan kantuna a roba ko a leda, aka rubuta cewa ba ya cin launin kaya. Ɗan'uwan haidirojin ne, a siffar gari. A narkar da shi a ruwa mai ɗumi, irin wanda hannu ke iya jurewa, bisa ma'aunin da ke jikin robar, a nutsar da rigar gaba ɗaya na awa ɗaya zuwa shida. A ruwan sanyi ƙarfinsa kaɗan ne. Ba a sa shi a kan siliki ko ulu.

Tsohon tabo, da wanda sabulu ya riga ya taɓa

Rigar da ta kwana uku a jakar tafiya, ko wadda sai da aka zo ɗaukarta aka ga tabon, tana buƙatar a fara tausasa wurin. Gilisarin ɗin da ake shafawa a fata lokacin hunturu yana wannan aikin. A shafa shi ta gaba da baya, a bar shi kamar awa ɗaya, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi, sannan a fara daga jiƙon tsami a bi matakan nan kamar yadda suke.

Wadda aka riga aka goga wa sabulu ta yi shuɗi, a ɗauraye sabulun tas tukuna, sannan a ɗiga lemun tsami. Idan wurin ya koma hoda, da sauran rai, a bi matakan. Idan ya tsaya ƙasa-ƙasa bai motsa ba, launin ya riga ya lalace, tsami ba shi da sauran aiki. Sai haidirojin ko garin oksijin, kuma wataƙila sai an yi sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban.

Inda babu kemis kusa, akwai hanyar iyayenmu. A jiƙa wurin da ruwan lemun tsami, a shimfiɗa rigar a rana, duk lokacin da ta bushe a yayyafa ruwa, har awa biyu ko uku. Tana aiki a kan farar auduga, sai dai a hankali. A tabbata an ɗauraye lemun sosai daga baya, domin tsamin da ya bushe a jikin auduga yana raunana zare, ranar da ba a zata ba wurin ya yage. Kaya masu launi ba a yi musu wannan, rana za ta ci launin tare da tabon.

Akwai kuma dabarar tafasasshen ruwa, wadda wasu ke ji suna mamaki tunda an ce zafi na zaunar da tabo. Bambancin shi ne, dutsen guga yana gasa launin a inda yake, ruwan da ke ratsawa kuwa yana tafiya da shi. Ana ɗaure wurin a bakin roba kamar fatar ganga, a tsiyayo ruwan daga butar shayi daga ɗan sama ya ratsa ya wuce. Tana yi wa sabon tabo a kan farin zanen gado ko ƙyallen tebur ko farar singileti. Ba a yi wa shadda mai sheƙi, ko mai surfani, ko rinannen yadi, ko tabon da ya haɗu da madara ko miya. Yara kuma su yi nisa.

Maganar bilic

Haifo, jik, jabel, farazon, ko wane suna ake kiransa a garinku, shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, alhali shi ya kamata ya zo ƙarshe. Yana cire tabon zoɓo, babu musu. Amma sharaɗinsa farar auduga zalla, marar aiki, wadda ba rinanniya ba. A kan ruwan madara zai bar farin tabo da ba ya gyaruwa. A kan zaren siliki zai ci shi. A kan wasu yadukan da aka yi wa gyaran masana'anta don sheƙi ko don kada su yamutse, rawaya yake bari. Da ruwa mai tsatsa ma rawaya yake bari.

Idan dole sai shi, babban cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwan sanyi. A gauraya tukuna, sannan a sa rigar gaba ɗaya, minti biyar, a ɗauraye sau uku. Ba a tsiyaya shi kai tsaye a kan tabo. Wurin zai yi fari yau, bayan wanki kaɗan ya huje.

Wannan kuma a riƙe shi da kyau, a gaya wa 'yan aiki da yara: ba a haɗa bilic da khal ko lemun tsami. Haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, musamman a ƙaramin banɗaki marar taga. Tunda matakan nan da tsami suke farawa, sai an ɗauraye rigar tas an sauya ruwa an wanke robar kafin bilic ya shigo. Haka ma ba a gauraya shi da haidirojin ko garin oksijin.

Inda jar giya ta bambanta

Matakan ba su sauya ba: dannawa, ruwan sanyi ta baya, tsami, haidirojin, wanki, rana. Sai dai saboda yawan tanin ɗinta, inuwar da take bari ta fi ta zoɓo taurin kai, kuma ta fi saurin yin baƙi da ruwa mai tsatsa. Kusan kullum sai an kai ga haidirojin, sau da yawa sau biyu. Idan wani a wurin bikin ya ce a zuba farar giya a kai, a ce masa an gode. Abin da take yi tsarma tabon ne kawai, ruwa ma yana yin haka.

Ga Musulmi akwai tambayar sallah da rigar. A wajen mafi yawan malamai, har da mazhabar Malikiyya da aka fi bi a yankinmu, giya najasa ce, ana wanke wurin da ruwa mai tsarki har ainihinta ya gushe. Launin da ya ƙi fita bayan an yi iya ƙoƙari ba ya hana tsarki. Abin lura kawai shi ne wankin ya ƙare da ruwa zalla, ba ruwan sabulu ko na khal ba. Zoɓo da ruwan inabi marar giya kuwa ba su da wannan hukunci, tabo ne kawai.

Idan a kan hajar shago ya zuba

Wannan ya fi ciwo, domin jari ne. Idan kofi ya kife a kan bandir ɗin farin yadi, abu na farko a ɗaga shi daga cikin sauran, a warware ninkin da sauri har a kai inda jan ya tsaya, a sa leda tsakanin jiƙaƙƙen da busasshen. Zoɓo yana ratsa ninki bayan ninki, minti ɗaya na jinkiri yadi ɗaya ne na asara.

Daga nan sai lissafi. Farin yadi marar sheƙi, irin na zanen gado ko na rigar makaranta, ana iya wanke shi a goge a sayar. Sabuwar shadda kuwa, gezna ce ko waninta, da ruwa ya taɓa ta sheƙin kamfani ya sauya, kuma mai saye zai gane. Sau da yawa ya fi riba a yanke wurin a sayar da sauran a matsayin sabo, ko a nuna wa mai saye a rage masa kuɗi, tela ya san yadda zai kauce wa wurin wajen yanka. Ɓoye tabon cikin ninki kuwa yana iya cin abokin cinikin shekara goma.

Inda dabara ta ƙare

Tabon da aka goge da wuta sau ɗaya yana iya raguwa da haidirojin ko garin oksijin, amma ba kullum yake fita duka ba. Wanda aka yi ta wankewa ana gogewa wata da watanni ya zama ɗan gida. Idan an yi zagaye huɗu babu canji, a tsaya. Ci gaba da magani daga nan zaren yake ci, ba tabon ba.

Rigar ba ta mutu ba duk da haka. Idan tabon yana kusa da wuya ko aljihu, mai surfani zai iya faɗaɗa aikin ya hau kansa. Idan a tsakiyar jiki yake, sai marina. Farar shadda ta auduga tana karɓar rini da kyau, amma a zaɓi launi mai duhu, shuɗi mai duhu ko makuba ko ruwan goro, domin launi mai haske ba ya rufe tabo, fito da shi yake yi. A nuna wa marini wurin, a kuma gaya masa idan an taɓa sa bilic, domin wurin da bilic ya ci ba ya shan rini daidai da sauran jiki.

Haka ma idan mai wanki za a ba, kada a cusa rigar cikin ƙunshi a yi shiru. A ware ta, a nuna masa wurin, a ce, «Malam, wannan zoɓo ne na jiya, ban sa masa sabulu ba, don Allah kada a goge sai ya fita.» Wannan jimla ɗaya ta fi duk wani magani da aka lissafa a sama arha, kuma ita ce ke raba rigar da za ta koma masallacin Juma'a da wadda za ta koma ta zaman gida.